Abin da tsara jadawalin nas-nas ya koya mini game da lokacin miƙa aiki

Duk ƙarshen wata nake zama in tsara jadawalin aikin nas-nas a ɗakin kwanciyar yara na wani asibiti a cikin birnin Kano. Darasin da ya fi zauna mini shi ne, kafin in ƙirga mutum nawa ne a kan aiki, sai na san wace ce za ta karɓi aiki kuma daga hannun wa. Sau uku ake miƙa aiki a wurinmu: 8 na safe, 2 na rana da 9 na dare. Can sama jadawalin zai iya samun sa hannu don kowane gurbi da suna a ciki, alhali ranar Alhamis da yamma sabbin nas biyu ne za su tsaya a kan gado 30.

A takarda mu 14 ne. Ɗaya ni ce, aikina na safe ne daga Litinin zuwa Juma'a. Ɗaya tana hutun haihuwa, ɗaya ta tafi ƙaro karatu, ɗaya tana hutun shekara. Saura 10, kuma 4 ne kawai a cikinsu zan iya kira ƙwararru. Ba da matakin albashi nake auna wannan ba. Babbar sista da ta shekara goma a sashen ido, in an turo ta wurinmu, sabuwa ce har sai hannunta ya faɗa. Ƙwararriya a ɗakin yara ita ce mai iya samun jijiya a hannun yaron da gudawa ta tsotse, mai gane cewa barcin da yaro mai zazzaɓin cizon sauro yake yi ba na samun sauƙi ba ne, sukarin jininsa ne ya faɗi, kuma ta san lokacin da za ta tashi likita ba tare da jin nauyi ba.

Tsarinmu kwana 7 ne na aikin dare, kwana 7 na hutu. Ke nan a kowane mako ɗaya daga cikin huɗun nan tana dare, ɗaya tana hutun dare, biyu suka rage wa rana. Kowaccensu kwana 5 take yi, aiki 10 ke nan, a haɗa da 5 nawa ya zama 15. Safe da yamma na kwana bakwai kuwa gurbi 14 ne. Rarar ɗaya ce tak. Da zarar na haɗa ƙwararru biyu a aikin safe fiye da sau ɗaya a mako, to akwai yammacin da na bari babu babba. Ga shi kowa safe take so, musamman manya masu 'ya'ya 'yan makaranta, kuma ban ga laifinsu ba. Amma lissafin ba ya ba da dama.

Shi ya sa nake fara rubuta sunayen huɗun nan da jan biro kafin na kowa: dare tukuna, sai Asabar da Lahadi, sai yamma, safe ne ƙarshe. Sai na ga ja a kowane gurbi nake cike sauran da baƙi. Asabar da Lahadi su ne wurin rigima, domin idan ba na nan, dole biyun nan su zo duka, ɗaya safe ɗaya yamma. Don kada su rasa biki da suna wata guda cur, nakan karɓi safiyar wata Asabar ɗin, in huta Laraba.

Akwai wani abu da jan biro bai magance ba. A da masu aikin dare biyu tare suke shiga ranar Litinin, tare suke fita. Daren Litinin sai ya zama babu wadda ta san yaran da suka kwana jiya. Yanzu babbar tana canzawa Litinin, ƙaramar kuma Alhamis, ta yadda kullum akwai mai cewa, "Sista, yaron gado na shida jiya da asuba ya yi jijjiga, a sa masa ido." Ba a ƙara mana ma'aikaciya ko ɗaya ba, ranar canji kawai muka raba.

Abin da ya sa nake nacewa a kan wannan yana bayyana a damina, daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro yake cika mana ɗaki. Allurar atesunet, maganin zazzaɓin idan ya yi tsanani, ana yin ta farko, a sake bayan awa 12, sannan a awa ta 24. Yaron da aka yi wa ta farko da 9 na safe, ta biyunsa ta faɗo daidai 9 na dare, lokacin da mai fita take ɗaukar jaka, mai shigowa take karanta rahoto. Mai fita tana ganin ta dare ce, mai shigowa tana zaton an yi. Ƙwararriya ba ta yarda da "an yi" na baki, sai ta ga sa hannu a takardar magani. Haka take bin gado-gado tare da mai miƙa mata, ta duba ruwan da ya rage a leda, ta duba ma'aunin tukunyar oksijin, ta ƙirga magungunan da ake kullewa kafin ta karɓi makulli. Idan aka ɗaura wa yaro jini gab da canji, ta san minti 15 na farko ba a barin gefensa, don haka za ta tsayar da ɗaya a wurin kafin a ci gaba da zagaye. Sabuwar nas ta karanta duk wannan a makaranta, amma kunya takan hana ta tambayar wadda ta girme ta.

Sannan ga garin kansa. Ranar Juma'a ana tare tituna a bakin masallatai daidai lokacin da mai aikin 2 take hanya, don haka ba na sa wadda take zaune a Kurna ko Rijiyar Zaki ta zama babbar yammacin Juma'a idan akwai ta kusa. Asabar ɗin ƙarshen wata ana tsaftar muhalli daga 7 zuwa 10 na safe. Katin aiki yana wucewa da ma'aikaciyar lafiya, amma abin hawa ne ba ta samu, saboda haka tun farkon wata nake sanar da mai dare cewa za ta iya daɗewa, kuma in biya ta awanninta. A Yulin 2022, da gwamnati ta hana adaidaita sahu zirga-zirga daga 10 na dare zuwa 6 na safe, miƙa aikin 9 ya zama na gaggawa, kowa na duba agogo. Dalilin da ya sa muka ce mai dare ta iso 8:30 ke nan, kuma ban sake sa wadda ta tashi 9 na dare a aikin safen gobe ba.

Musanya ita ce ƙofar da jadawali mai kyau yake lalacewa ta cikinta. Ƙa'idata ja da ja, baƙi da baƙi, kuma a rubuce. Wata babbar sista ta taɓa ce mini, "Haba Anti, yarinyar nan tana da ƙoƙari, ta riƙe mini yamma ɗaya kawai." Na ce mata, "Na sani Hajiya, amma wa za ta tambaya idan jijiya ta ɓace mata da magariba?" Muka duba tare, ta yi musanya da takwararta ta mako mai zuwa.

Kafin in tsara na sabon wata, nakan ɗauko takardun magani in duba lokacin da allurai suka makara. Idan jinkirin ya taru a kusa da 2 ko 9, ko na ga babba ɗaya kullum tana sa hannun fita awa guda bayan lokacinta don ba ta samu wadda za ta miƙa wa da kwanciyar hankali ba, wannan ranar nake fara gyarawa. Idan kuma huɗun suka koma uku, gurbi 14 ba za su rufu ba ko yaya na juya, sai in kai lissafin ofishin shugabar nas-nas tun kafin wata ya kama, in nemi aron ƙwararriya ɗaya daga sashen gaggawa na yara.