Lambar aya da ke juyewa a tsakanin Larabci da Hausa

Wani malamin islamiyya a unguwar Mokoyo, nan Maradi, ya ba ni darussansa na rubutun hannu in buga su a kwamfuta, a mayar da su ɗan littafi na ɗalibai. Bayanin da boko ne, amma kusan kowane shafi akwai aya ko hadisi da Larabci a tsakiyar jimla. Da LibreOffice Writer na yi aikin. Haruffan Larabci ba su ba ni wahala ba, suna haɗuwa lafiya, suna tafiya daga dama zuwa hagu. Abin da ke tsakanin harsunan biyu shi ne ya sha kaina: lambobi, baka, waƙafi da ɗigon ƙarshen jimla.

Ga misalin da ya sa na tsaya na binciki dalili. Malam ya kawo ayoyi biyu na sura ta 94, ya sa lambarsu cikin baka. A nan na sa AYA a madadin rubutun Larabcin. Layin farko shi ne yadda na buga, na biyu shi ne abin da ya fito a allo:

```
Allah ya ce: AYA (94:5-6).
Allah ya ce: (6-94:5) AYA.
```

Ɓarna biyu ke nan a layi ɗaya. Bakan ya tsallake ya koma gaban ayar, sannan lambar ta wargaje. Ɗalibin da ya ga 6-94:5 zai iya zuwa neman sura ta 6. A littafin addini wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma mai dubawa da sauri ba zai lura ba, tunda duk lambobin suna nan.

Dalilin yana cikin ƙa'idar Unicode ta jera rubutu mai fuska biyu. Harafin boko yana da alkiblarsa, harafin Larabci ma haka. Su kuwa tazara, baka da karan ɗori ba su da tasu, maƙwabtansu suke bi. Lamba kuma takan waiwaya baya ta duba harafin ƙarshe da ya gabace ta. In na Larabci ne, sai a lissafa ta cikin jerin Larabcin. Shi ya sa 94:5 da 6 suka shiga ayarin da ke tafiya hagu. Ɗigo biyun da ke tsakanin 94 da 5 yana riƙe su wuri ɗaya, amma karan ɗori ba ya riƙe lambobin da aka lissafa cikin Larabci, sai 6 ta zarce hagu ita kaɗai, bakan ma ya bi su.

Da na gane haka, magani ya fito fili: a sa wani abu mai alkiblar boko tsakanin Larabcin da lambar. Hanya mafi sauƙi ita ce kalmar Hausa. Na je wurin malam na ce, "Allah gafarta malam, in ka yarda zan riƙa rubuta (sura ta 94, aya 5-6) maimakon lambobi zalla." Ya ce hakan ma ya fi wa yara sauƙin karantawa. Harafin s na farko ya isa ya dawo da bakan da lambobin wurinsu, kuma gyaran ba ya lalacewa ko an kwafe rubutun zuwa waya. Ni dai wannan hanya na fi so, domin ido yana ganinta.

Inda ba a son ƙarin kalma, akwai wata alama da ba ta fitowa a takarda amma tana aiki kamar harafin boko, sunanta `LRM`, lambarta `U+200E`. A Writer tana ƙarƙashin `Insert > Formatting Mark > Left-to-Right Mark`, bayan an kunna `Complex text layout` a saitin harsuna. Wurin sa ta shi ne daidai bayan harafin Larabci na ƙarshe, kafin tazara da baka. Da ita na gyara wani jeri na kalmomin nahawu uku da waƙafi ya raba su. Kafin gyara, kalma ta farko ta koma ƙarshen dama, alhali fassararsu da Hausa tana jere daga hagu, sai kowace kalma ta haɗu da ma'anar da ba tata ba. Na sa alamar bayan kowace kalma, suka koma kan tsarinsu. Aibinta ɗaya: tunda ba a ganinta, mai gyara na gaba yana iya share ta bai sani ba. In kana son tabbatar da tana nan, bi layin da maɓallin kibiya, za ka ga wurin da ka danna sau ɗaya amma sandar rubutu ba ta motsa ba.

Akwai dabarar da nake roƙon masu buga takardu su bari, wato juya lambobi da hannu har sai allo ya nuna daidai. Na tarar da ita a wasu shafuka da aka fara bugawa kafin aikin ya zo hannuna. A ido lafiya lau, amma da na ƙara kalma ɗaya a gabansu sai suka fito a birkice, tunda a birkice aka ajiye su tun farko. A buga komai yadda baki ke karanta shi, a bar gyaran ga alkibla.

Dogayen ayoyi kuma na fitar da su daga cikin jimla gaba ɗaya. Larabcin da ya karye a ƙarshen layi yana gajiyar da mai karatu, don sai ya yi tsalle zuwa dama, ya dawo hagu, ya sauka layi na gaba ya nemi inda zai ci gaba. Duk abin da ya wuce rabin layi na ba shi sakin layinsa. A nan ne mutane da yawa ke tura rubutun gefen dama kawai su ɗauka sun gama. Turawa dama daban, sauya alkibla daban. Alamar da za ka gane ita ce ɗigon ƙarshe: in ya fito a hannun dama na layin ƙarshe, sakin layin har yanzu na boko ne. `Ctrl+Shift+D` ne ke mayar da shi dama zuwa hagu, `Ctrl+Shift+A` ya dawo da shi. Ni na ƙirƙiri salon sakin layi guda mai wannan alkibla, na sa masa nau'in haruffan Larabci mai suna Amiri, na riƙa ɗora shi a kan kowace aya. Girman Larabci ana saita shi daban da na boko, kuma na bar tazarar layi a sake, don in aka ƙayyade ta da matsi, wasulan sama da na ƙasa sukan yanke.

Wurin mai ɗab'i kuwa PDF na kai, domin Word yana da nasa tsarin na riƙe alkiblar alamomi, fayil ɗin da ya zauna daidai a Writer yana iya motsawa a can. Kafin a buga da yawa, an fitar da kwafi ɗaya, ni ina karanta lambobin da ƙarfi, malam yana riƙe da Alƙur'ani yana duba kowace sura da ayarta.