Yadda nake haɗa salon haruffa biyu a fosta ɗaya

Ina da ƙaramin kamfani na zane da ɗab'i, mu huɗu ne, kuma yawancin aikinmu fosta ce. Abin da na fi gyara wa yaran da nake koya wa aiki shi ne zaɓen haruffa. Kanu aikinsa ya tsayar da mai wucewa, shi kuwa bayanin da ke ƙasa sai mutum ya matso yake karanta shi. Tun da ayyukan biyu ne, haruffan ma biyu sun isa, amma dole ido ya ga bambancinsu tun daga nesa.

Haɗin da ya fi ɓata aiki shi ne na 'yan uwa masu kama. Ka sa Helvetica a kanu, Arial a ƙasa, sai fostar ta zama kamar an yi kuskure, don sun yi kusa da juna amma ba ɗaya ba ne. Gara ka ɗauki ɗaya mai 'yan ƙafafu a ƙarshen haruffa, wanda ake kira serif, irin su Georgia, ka haɗa da mara ƙafafu mai kauri. In kuma ruwa ya ƙare maka, tsaya a salo ɗaya: mai kauri a sama, na daidai a ƙasa.

Kwanakin baya wata makaranta ta ba mu aikin fosta mai girman A2, wato santimita 42 a faɗi, 59.4 a tsawo. Kanun shi ne "Taron Iyaye da Malamai". Yarona ya sa Impact a sama, hakan ya yi daidai, amma bayanin ma da shi ya rubuta, wai don ya fito sosai. Impact haruffa ne masu kauri, a matse, an yi su ne don kanu tun 1965. Kalma huɗu suna da kyau da shi, amma layi takwas sai su dunƙule kamar bango, cikin "a" da "e" ya toshe.

Na ce masa, "Buga mu gani." Muka manna a bango, na sa shi ya ja baya taku biyar.

"Oga, kanun kawai nake gani."

"To matso, karanta min ranar taron."

Sai da ya bi layin da yatsa kafin ya same ta.

Muka bar Impact a kanu, girman 150 pt, wato point, ma'aunin girman haruffa, layi biyu. Manyan haruffansa sun kai kusan santimita 4, kuma lissafin da muke bi a sana'ar shi ne kowane santimita 2.5 na tsawon harafi yana karantuwa da daɗi daga mita 3, ka ga kanun ya kai kusan mita 5 ke nan. Bayanin muka mayar Georgia, 36 pt, tazarar layi 46 pt. Da muka bar santimita 4 a kowane gefe, layi ya ɗauki harafi hamsin da 'yan kai, ido ba ya ɓata wajen komawa farkon layi na gaba. Rana da wuri muka yi musu Georgia mai kauri, ba mu kawo salo na uku ba.

Me ya sa Georgia, ba Garamond ba, alhali dukansu masu ƙafafu ne? Lambar girma tana ruɗi. A 36 pt ɗin nan, ƙananan haruffan Garamond gajeru ne, na Georgia kuwa dogaye ne masu buɗaɗɗen ciki, don Matthew Carter ya zana shi ne domin ya karantu ko a allon kwamfuta mara tsabtar hoto. Shi ya sa nakan jera kalma ɗaya da duka biyun in dubi tsawon ƙananan haruffa irin su "x", in manta da lambar.

Akwai aikin da ya taɓa cin mu, ba na mantawa. Mun sa farin rubutu na Bodoni a kan shuɗi mai duhu. A kwamfuta ras, amma da aka buga, tawada ta ɗan malala ta cinye siraran layukan haruffan, dole muka sake bugawa daga aljihunmu. Tun daga ranar, in bayan fosta mai duhu ne, bayani sai da haruffan da kaurinsu yake bai ɗaya.

In rubutun na Hausa ne, kafin in fara komai nakan rubuta ƙ, ɗ da ɓ da salon biyu. Wanda ba shi da su, manhajar za ta aro daga wani salon ba tare da ta faɗa maka ba, sai ka ga harafi ɗaya ya rame a tsakiyar kanu. Noto Sans da Noto Serif suna da su duka, kuma suna zama tare lafiya lau.