Ba na yanke wa ma'aikaci hukunci sai bayan la'asar

Ina kula da wani shagon sari na kayan masarufi a kasuwar Singa da ke Kano, akwai sito biyu, da akawu, da direbobi, da yara masu lodi. Wanda ya san Singa ya san ba a rasa abin ɓacin rai a wurin: tirela ta tare hanya, mai kaya yana ta kira, kwastoma daga nesa yana son ya kama hanya kafin magariba. Abin da aikin nan ya koya mini shi ne raba lokacin fushi da lokacin hukunci. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya hana alƙali yin hukunci tsakanin mutum biyu yana cikin fushi, kuma a ganina manajan da zai iya rage wa mutum matsayi ko ya sallame shi bai kamata ya cire kansa daga wannan hani ba.

Da rubutu na fara. Masana halayyar ɗan Adam, irin su Daniel Goleman da ya yayata wannan batu a 1995, suna sa sanin kai a gaban kamun kai, don ba ka iya riƙe abin da ba ka ga tahowarsa ba. Na ware shafukan baya na littafin lissafina, duk ranar da raina ya ɓaci da wani ma'aikaci, da dare sai in rubuta ƙarfe nawa ne, da wa, me na ji a jikina, me kuma na faɗa wa kaina a zuci. Da shafukan suka taru sai abin ya fito fili. Yawancin fushin yana faɗowa ne tsakanin azahar da la'asar, lokacin ban ci abinci ba, kuma sau da yawa jim kaɗan bayan Alhaji mai shagon ya kira ni yana tambayar ciniki. Mafi zafinsa kuwa shi ne idan an yi kuskuren a gaban kwastoma, domin abin da zuciyata ke raya mini a lokacin ba maganar kaya ba ce, cewa take an raina ni, an kunyata ni a idon mutane. Jikina ma yana da nasa alamun, kunnuwana su ɗau zafi, in danne haƙora, in fara kiran mutum da cikakken sunansa maimakon Malam. Kowa da nasa. Wani hannunsa ke rawa, wani muryarsa ce ke sauka ƙasa.

Waɗannan alamun ba banza ba ne. Idan mutum ya fusata jiki yana sakin sinadarin adiranalin, zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya gajarce, hankali ya tattaru kan abu guda. John Gottman, da ya daɗe yana nazarin rigimar ma'aurata, ya nuna cewa idan mutum ya kai wannan hali yana buƙatar aƙalla minti 20 kafin jikinsa ya sauko. Shi ya sa nan take ba na neman kaina da yin hikima, abin da kawai nake nema shi ne kada in yi ɓarna.

Wata Laraba wani ɗan kasuwa daga Dutse ya sayi jarka 30 na man girki, mai lita 25. Ya kai Wudil ya tsaya duba kaya, sai ya tarar an loda masa wani samfuri mai araha, ba wanda ya biya kuɗinsa ba. Ya kira ni yana faɗa, har da cewa mun cuce shi. Ina ajiye waya na hango mai kula da sito yana dariya da masu lodi, nan take na ji kunnuwan nan. Na yi a'uziyya a zuci, na ja kujera na zauna, kamar yadda ya zo a hadisin Abu Dawud cewa wanda ya yi fushi a tsaye ya zauna. Na ja numfashi ta hanci, na sake shi a hankali, fitarsa ta fi shigarsa tsawo. Sannan na fara da abin da ba ya jira, na tura direba da man da aka biya zuwa Wudil. Shi kuma mai sito na kira shi gefe na ce: "Malam, an samu matsala a lodin Dutse. Ka zo ofis bayan la'asar da takardar lodin." Iyakar abin da na faɗa ke nan.

Yanka lokacin nan shi ne ƙashin bayan dabarar. Idan ka yi shiru kawai ka ɗaure fuska, ma'aikaci zai wuni cikin fargaba bai san laifinsa ba, kai kuma ka fara gaba da shi kana ɗauka haƙuri kake yi. Akwai kuma tarko a cikin jiran. Mutum zai iya yin alwala, ya taka zuwa masallaci, amma duk tsawon hanyar yana tsara baƙar maganar da zai yaɓa, ya dawo ya fi da zafi. Ni a lokacin nakan ci abinci, in kama wani aiki mai buƙatar ƙirga. Gwajin da nake yi wa kaina kafin in kira mutum shi ne, shin zan iya faɗin abin da ya faru a jimla ɗaya ba tare da na ce kullum haka kake ba? Kuma shin ina da tambayar da da gaske ban san amsarta ba? Idan babu, ban huce ba, sai in ɗaga zuwa safiya in kuma sanar da shi.

Bayan la'asar ya shigo, na rufe ƙofa, na ba shi wurin zama. Na ce: "Malam, an biya kuɗin wannan samfuri, an loda wancan, mun yi asarar kuɗin mota zuwa Wudil da dawowa. Yaya aka yi?" Ya miƙo takardar ya ce: "Yallaɓai, duba abin da aka rubuto mini." Akawu ya rubuta man girki jarka 30 ne kawai, babu sunan samfuri. Laifin ya rabu gida biyu, akawu bai cika rubutu ba, shi kuma ya ga samfuri biyu a sito bai tambaya ba. Na faɗa masa nasa kason ba kwana-kwana, na kira akawu daban na faɗa masa nasa, kowa ya karɓi gargaɗi a rubuce. Daga ranar ba a buɗe sito sai takarda na ɗauke da sunan samfuri da girmansa, kuma mutum biyu ke ƙirga lodi.

Dabarar tana da iyaka. Idan na ga yaro a bayan mota tana ja da baya, ko an jera buhunan sukari sun karkata za su zubo kan mutum, tsawa nake yi nan take, wannan ceton rai ne. Idan kuma zargin sata ne, ina rufe sito in sa a ƙirga kaya a gaban shaida tun kafin la'asar, hukuncin ne kawai ke jira. Ga dattijon direbanmu kuwa, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba, ko gyara zan yi masa da Baba nake farawa, kuma ba a gaban yara ba.

Ma'aunin da nake duba kaina da shi yanzu shi ne ta bakin wa mummunan labari ke iso mini. Idan daga kwastoma ko daga Alhaji nake fara jin kuskure, to yaran sun koma ɓoye mini abubuwa, sai in buɗe shafukan bayan littafin in duba makonnin da suka wuce. Kwanan baya wani yaron lodi da kansa ya same ni da safe ya ce katan biyu na taliya sun jiƙe a hannunsa, muka ware su kafin su shiga motar kowa.