Tukubar abokinka ba taka ba ce: lissafin agashe ga sabon zuwa Sudan

Duk Bahaushen da ya sauka a Gadarif, Kasala ko Wad Madani zai ga abu ɗaya kafin ya kwana bakwai. Da la'asar sakaliya hayaƙi zai tashi a bakin kasuwa, tsinkaye sun kewaye garwashi, mutane na tsaye suna jira. Tsiren da muka sani ne a gida, a nan ana kiransa agashe, kuma mutanen Sudan kansu sun san Hausawa ne suka zo da shi. Jama'armu sun daɗe a ƙasar nan, wasu tun zamanin tafiya hajji a ƙafa, wasu tun hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, wadda ta kafa garin Mayurno a bakin Shuɗin Nilu. Saboda haka sabon zuwa ba ya rasa ɗan'uwa mai tukuba. Yana ganin cinikin da ake yi, sai ya ce shi ma abin da zai yi ke nan. Ya sayi tire da wuƙa da tsinke, ya kwaikwayi komai har yadda abokin ke jera albasa, bayan wata biyu jari ya narke.

Abin da ya gani shi ne awa huɗu na ciniki. Sauran awa ashirin ɗin, inda ribar take, bai gan su ba.

A fara da mahauci. Wanda ya shekara goma yana gasa nama ba ya sayen nama yadda mai cefane ke saye. Yana da mahaucinsa da ke ware masa cinya tun da asuba, tsoka zalla, babu ƙashi babu jijiya, a farashin sari, sau da yawa ma bashi ne sai dare ya biya. Ke nan da kuɗin mahauci yake juyawa. Sabon zuwa kuwa zai je da kuɗinsa a hannu, a auna masa kilo da ƙashi da kitse a ciki, a farashin kowa da kowa. Kafin ya hura wuta an riga an yi masa nisa. Sai wuƙa. Agashe yankan falle-falle ne, kuma hannun da ya saba yana fitar da tsinke fiye da hannun da bai saba ba daga kilo ɗaya, tsinkayen kuma su fito kai ɗaya. Na sabon hannu wani ya yi kauri ya ƙi gasuwa a ciki, wani ya yi siriri ya ƙone, ragowar guntaye su tafi a banza.

Da yake jine, wato kuɗin Sudan, ba ya zama wuri ɗaya, farashin safe daban na yamma daban, gara a yi lissafin da tsinke. Ga misali, alkaluman na kwatance ne, kowa ya sa nasa. A ce tsohon hannu yana fitar da tsinke 16 daga kilo ɗaya. Kuɗin naman da ƙuli da mai da yaji da albasa da lemun tsami suna cinye kuɗin tsinke 11, saura 5. Akwai kuma kuɗin da dole ya fita kowane dare, ko an yi ciniki ko ba a yi ba: gawayi, hayar wuri, ladan yaro, fitila, ruwa, leda. A ce sun kai kuɗin tsinke 20. Idan ya sayar da kilo 10, ya tara 50, a cire 20, ya koma gida da kuɗin tsinke 30. Wannan 30 ɗin ita ce sabon zuwa ya hango.

Yanzu shi. Kilonsa tsinke 14 yake bayarwa, kayan kuma suna cinye masa 12 saboda tsadar saye, saura 2 kacal. Ya ɗauki yaro ya kama wuri kamar abokinsa, shi ma 20 ke fita kowane dare. Sai ya sayar da kilo 10 cif kafin ya tashi babu ci babu hasara, alhali babu wanda ya san shi a layin. Daren farko ya soke kilo 10 don haka ya ga ana yi, aka sayi na kilo 4. Ya karɓi kuɗin tsinke 56, ya kashe na 140. Naman da aka shafa wa ƙuli da mai kuwa ba ya jiran gobe a zafin Kasala, ga wutar lantarki da ba a dogara da ita ba, balle a ce firij zai cece shi. Ƙulin ya yi tsami, mai ya sauya wari, wanda ya ci ya ji cikinsa ya juya ba zai dawo ba, kuma zai faɗa wa maƙwabcinsa. Irin wannan dare goma ya isa ya cinye jarin da aka yi shekara ana tarawa.

Alamar da ke nuna an shiga wannan rami a fili take: kullum akwai kuɗi a aljihu da dare, amma kowace safiya naman da za a iya saye yana raguwa. Jiya kilo 6, yau 5 da rabi. Wanda ya ga haka kwana uku a jere ya tsaya ya yi lissafi, kada ya ce kasuwa ce za ta gyaru.

Sai wuri da lokaci, kuma a nan ne mutane suka fi yaudarar kansu. Gadarif garin noma ne, na dawa da riɗi. Lokacin yankan riɗi, wajen watan Oktoba, da girbin dawa da ke biyo baya, gari cike yake da 'yan ƙwadago da direbobin manyan motoci masu kuɗi a hannu. Wanda ya ziyarci abokinsa a wannan lokaci ya ga cinikin kaka ne, bai ga na damina ba, lokacin da laka ke hana mutane fita kuma kuɗi ya tafi gona. Da azumi ma ciniki komawa yake bayan tarawihi, don a nan al'ada ce maza su fito da abincinsu layi su sha ruwa tare, babu mai neman agashe da magariba. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 kuma abubuwa sun ƙara canzawa. Garuruwan gabas sun cika da waɗanda suka baro gidajensu, jama'a ta yi yawa amma aljihu ya yi sauƙi, kuma a wasu garuruwa an sa dokar hana fita da dare. Sana'ar da rayuwarta ke tsakanin magariba da sha ɗayan dare, in an datse mata awa biyu, an datse rabin cinikinta. Yawan mutanen da ke wucewa ba shi ne ciniki ba. Kafin a kama wuri, a je a zauna a wurin kwana uku, ranar kasuwa da ranar da ba ta kasuwa ba da ranar Juma'a, a ƙirga mutum nawa ne suka tsaya suka sayi abin ci, kuma me suka saya. In duk layin ful da ta'amiyya ake ci, wato dafaffen wake da irin ƙosan ƙasar nan, masu layin sun riga sun faɗi abin da aljihunsu ke iya ɗauka.

Akwai kuma abin da kunya ke hana tambaya. Abokin nan wataƙila haifaffen nan ne, yana da lambar ɗan ƙasa, yana da lasin mahaliyya, wato ƙaramar hukuma, da katin lafiya, yana da asusun banki da ake turo masa kuɗi ta manhajar waya ta Bankak, wadda yanzu mutane da yawa da ita suke biya saboda ƙarancin takardar kuɗi. Sabon zuwa da ikamarsa, wato takardar izinin zama, ba ta kammala ba ba shi da ko ɗaya. Mai saye zai ce zai tura, shi kuma ba shi da inda za a tura, ciniki ya wuce gaba. In ya ari asusun wani, kuɗinsa na hannun wani. Gaskiya takarda ita ce farkon jari a ƙasar mutane, kuma wanda bai gyara ta ba bai kamata ya zuba kuɗinsa a abin da hukuma za ta iya kwashewa a mota cikin minti biyar ba.

To me za a ɗauka daga wurin abokin? Iliminsa, wanda ya fi tirensa daraja. A je masa da ladabi, a ce: "Yaya, ina so in tsaya maka wata ɗaya, in yi yanka in yi suka, ba don lada ba." Cikin watan nan hannu zai faɗa, kilo ya fara ba da 16. Za a ga nawa ake sokewa ranar Asabar, nawa ranar Alhamis. Za a kuma gane bakin mutanen garin, domin da yawa daga cikinsu ba sa son barkono ya yi yawa a jikin naman kamar yadda muke yi a gida, sun fi son shatta, wato yajin barkononsu, a gefe da lemun tsami, su ci da burodi. Mafi girma, abokin ne zai kai ka wurin mahaucinsa ya ce wannan ƙanena ne. Wannan kalma ɗaya ta fi rangwamen da za ka yi wata shida kana roƙo. Sharaɗin dai kada ka kafa tukuba a layinsa. Masu sayen layin ba za su ninku don kun zama biyu ba, rabawa za ku yi, zumunci kuma ya lalace a kan abin da bai isa mutum biyu ba.

Daga nan sai a rage kuɗin dole. Maimakon hayar wuri da yaro, a nemi gefen mai shayi ko mai gidan abinci da ba ya gasa nama, a riƙa ba shi wani abu kaɗan, a ci moriyar kujerunsa da fitilarsa da mutanensa. A ce kuɗin dare ya sauko daga 20 zuwa 8. Kilo na ba da 16, kaya na cinye 12, saura 4. Da kilo 2 an rufe kuɗin dare, kilo na uku riba ne. A fara da ukun, kuma kada a shafa wa duka ƙuli lokaci ɗaya: a soke rabi, sauran ya zauna cikin kula mai ƙanƙara har a ga yadda dare ya kama. Ba a ƙara kilo sai naman ya ƙare kafin lokacin tashi kwana biyar a jere.

Wani ma in ya duba halinsa da kyau zai ga tukubar ba tasa ba ce sam. Wanda gidansa akwai mata masu iya ƙuli, ga gyaɗa a wadace a ƙasar nan, zai iya haɗa garin ƙuli da yajin agashe ya riƙa kai wa masu tukuba biyar ko shida duk mako. Kayansa ba sa lalacewa a dare ɗaya in an soya su sun bushe an rufe su daga danshi, abokinsa kuma ya zama mai saye na farko. Wanda ba shi da jari amma hannunsa ya faɗa, ya karɓi aikin biki da suna, inda mai hidima ke kawo namansa da gawayinsa, shi kuma ya zo da wuƙa da tsinke da yaji ya karɓi ladan aiki. A irin wannan a yanke lada bisa kilo tun kafin a hura wuta, a karɓi rabi a hannu, a kuma auna naman a gaban mai shi, domin nama na raguwa sosai a kan wuta, kuma rigimar da aka fi yi bayan biki ita ce ta ina sauran naman ya tafi.