Mako na shida: na ba ta 7, kunnena ne ya yaudare ni

'Yan'uwa masu koyon ba da maki a hirar jarrabawar Turanci ta IELTS, ga inda na kwana a wannan mako. Ni malamin Turanci ne, ba ni da shaidar zama mai jarrabawa. Abin da nake yi shi ne in ɗauki muryar ɗalibaina da izininsu, in zauna da takardar bayanin matakai wadda aka wallafa don kowa ya gani, in gwada ba da maki kamar yadda ake yi a ɗakin jarrabawa.

Wadda na saurara a wannan karo ma'aikaciyar jinya ce mai shirin neman aiki a Birtaniya, inda hukumar rajistar ma'aikatan jinya ke neman mataki na 7 a ɓangaren magana. Mun yi hirar cikakkiya, minti 13, cikin iyakar minti 11 zuwa 14 da aka tsara: tambayoyin rayuwar yau da kullum, sai kati da minti ɗaya na shiri da minti biyu na magana ita kaɗai, sannan tattaunawa mai zurfi a kan batun katin. Katinta ya ce ta ba da labarin wata tafiya da ba ta manta ba.

Tana rufe baki na rubuta 7 a duka ma'auni huɗu: sakin harshe da tsarin zance, yawan kalmomi, nahawu, da lafazi. Bakinta a sake yake, ba ta in'ina, tana da murya mai daɗin saurare. Sai da na kwanta da dare raina ya ƙi amincewa, don na lura ban iya tuna jimla ko ɗaya da ta sa na ba nahawunta 7 ba. Daɗin maganar ne ya rufe mini ido, ma'auni ɗaya ya ja sauran ukun zuwa sama.

Washegari na sake sauraron rikodin sau huɗu, kowane zagaye da ma'auni ɗaya kawai a gabana.

Sakin harshe bai ba ni wahala ba. Mataki na 6 yana bayanin mai son yin dogon zance amma zarensa kan tsinke lokaci-lokaci saboda maimaici ko gyaran kai ko jinkiri. Na 7 kuwa yana zance mai tsawo ba tare da an ga yana fama ba. Ita ta cika minti biyunta har sai da na dakatar da ita, kuma sau biyun da ta tsaya, tunanin abin da za ta faɗa take yi, ba farautar kalma ba. Ana gane bambancin daga wurin da shirun ya faɗo: mai neman ra'ayi yakan tsaya tsakanin jimla da jimla, mai neman kalma yakan maƙale a tsakiyar jimla, sau da yawa daf da suna ko aikatau. Na bar mata 7 ɗinta.

A nahawu ne na daɗe. Na rubuta maganar minti biyun nan kalma bayan kalma, na sami jimla 17. Goma sha ɗaya gajeru ne masu ganga ɗaya, tara daga cikinsu ba kuskure. Sauran shidan su ne masu sarƙaƙiya, irin masu sharaɗi da masu "wanda" da masu "ko da yake", kuma ɗaya ce tak ta fita lafiya. Kuskuren kusan iri ɗaya ne: takan fara labari da lokacin da ya shuɗe, da ta shiga ganga ta biyu sai aikatau ya koma lokaci na yanzu, alhali tafiyar tun bara aka yi ta. Da ta so ta ce da sun tashi da wuri da ba su kwana a hanya ba, sai ta gina jimlar da siffar abin da ake sa ran zai faru gobe.

To mene ne takardar ta ce? Mataki na 7 yana son jimloli masu sarƙaƙiya iri-iri, kuma jimloli marasa kuskure su riƙa fitowa a kai a kai. Na 6 yana cewa ana cakuɗa gajeru da dogaye, kuskure yana yawa a dogayen amma ba kasafai yake hana fahimta ba. Na 5 kuwa dogayen kaɗan ne, kuma kuskurensu kan iya rikita mai sauraro. Goma cikin 17 a tsabtace suke, abin da ya so ya sake jan ni zuwa 7, amma tsabtar ta taru ne a gajerun jimloli. Ban taɓa ɓacewa a labarinta ba, saboda haka ba 5 ba ce. Na rubuta 6.

Ku kula, ƙidayar nan horon kunne ce kurum. Takardar ba ta ba da adadin jimloli ba, kuma mai jarrabawa na gaske ba ya rubuta maganar mutum, yana ji ne yana auna. Ina ƙidaya ne don wata rana kunnena ya iya da kansa.

Kalmomi kuwa, duk abin da ta so faɗi ta faɗe shi, har da ta manta sunan shingen duba motoci ta kewaya ta bayyana shi da kyau. Sai dai kalmar "mai kyau" ta zo sau bakwai, ga hanya, ga abinci, ga mutane. A kashi na uku, da aka koma kan tasirin yawon buɗe ido ga tattalin arziki, rumbun ya nuna ƙasansa. Mataki na 7 yana neman wasu kalmomin da ba kowa ke kawowa ba, da sanin wace kalma ke tafiya da wace. Ban ji isasshen wannan ba, sai 6.

Lafazi ne ya haɗa ni gardama da wata abokiyar aikina da na tura wa rikodin. Ta ba da 5, ta ce Hausa ta yi yawa a bakin ɗalibar. Gaskiya ne p da f suna musanya mata wuri jefi-jefi, kuma takan cusa wasali tsakanin baƙaƙe biyu, irin abin da ya haifar mana da kalmar sukurudireba. Amma takardar ba ta hukunta karin harshen gida. Tambayarta ita ce ko ana ganewa, da yadda mutum ke sarrafa nauyin gaɓa da hawa da saukar murya da yanka zance gunduwa-gunduwa. A tsarin matakan lafazi, 7 na nufin an cika duk siffofin 6 an kuma taɓo wasu na 8. Ɗalibar tana ɗora nauyi a kan kalmar da ta dace, muryarta tana nuna inda tunani ya ƙare, don haka na tsaya a kan 7. Duk da haka na karɓi rabin maganar abokiyar tawa: ni Bahaushe ne, kunnena yana gyara p da f kafin in ankara. Mun yi alkawarin ba wani malami da ba ya jin Hausa rikodin, ya nuna mana duk kalmar da ta kuɓuce masa.

Lissafin yanzu: 7 da 6 da 6 da 7, jimla 26, a raba huɗu tunda nauyinsu ɗaya, ya ba da 6.5. Rabin mataki ne tsakaninsa da abin da na fara rubutawa, amma wannan rabin shi ne tsakanin cika sharaɗin hukumar da sake biyan kuɗin jarrabawa. Da na sallame ta da 7 ɗin farko, da ta tafi da tabbacin da ba ta da shi.

Na kira ta na ce, "Malama, bakinki ya riga ya kai. Aikinmu na wata ɗaya shi ne riƙe lokacin da ya shuɗe har ƙarshen doguwar jimla." Ranar Asabar za mu sake ɗaukar wani katin, kuma a wannan karo nahawu zan fara aunawa kafin in saurari komai.