Inda ake yanka magana in tafinta zai ɗauka

Jama'a, abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya ya warware a taron ranar Asabar, kuma ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi har cikin raina. Kun san ni nake rubuta wa shugaban 'yan albasarmu na nan Kumasi jawabinsa. Alhaji mutumin Nijar ne, Tonancinsa, wato harshen Tonawa mutanen Asante, bai wuce na ciniki ba, matan da suke sarar albasa a hannunmu kuwa yawancinsu Tonanci suke ji. Saboda haka duk maganar da ta shafi doka ko kuɗi sai ta bi ta bakin tafinta, wani yaro haifaffen unguwar Aboabo da ya tashi da harsunan biyu.

Batun cewa jawabin da tafinta zai juya yana son gajerun jimloli ba sai na maimaita ba, dukanmu mun wuce nan. Abin da ya tsaya mini shi ne, jimlolina gajeru ne, tafinta yana ɗaukarsu daidai ba ya zubar da komai, amma duk da haka taro yana hargitsewa kafin Alhaji ya kai ƙarshe.

Ga maganar da ƙungiya ta yanke, yadda Alhaji ya faɗa mini ita da bakinsa: daga watan gobe duk wadda ta ɗauki albasa bashi za ta biya cikin mako guda, in ba haka ba ba za a sake ba ta kaya ba, sai dai in ruɓa ce ta ci buhun, to wannan za a zauna a duba a rage mata. A Hausa wannan numfashi ɗaya ne, Bahaushe yana jin "sai dai" tun kafin ransa ya gama ɓaci. Yanka ta gida uku abu ne mai sauƙi: wa'adi, hukunci, sassauci. Haka ta fita a taron farko. Alhaji ya faɗi wa'adi, tafinta ya juya. Alhaji ya faɗi hukunci, tafinta ya juya, sai wuri ya kaure. Wata ta miƙe tana nuna buhun da rabinsa ya zama ruwa, wata tana ƙirga asarar bara da yatsu. Sassaucin da aka yi dominsu yana layi na uku a takarda, Alhaji ya karanta shi, tafinta ya juya shi, amma ba kunnen da ya kama.

Abin da na gano shi ne, tsayawar da mai magana yake yi don tafinta ba fili ba ne kawai, ƙarshen magana ne a kunnen mai sauraro. Matar da ba ta jin Hausa ba ta san akwai saura ba. Abin da tafinta ya ajiye mata shi ne duk abin da take da shi har ya sake buɗe baki, kuma a wannan tsakanin ne take yanke hukunci, ta juya ta gaya wa ta kusa da ita. Ashe tambayar ba "jimlar nan ta yi gajarta?" ba ce. Tambayar ita ce, in wuta ta ɗauke, lasifika ta mutu bayan wannan layin, abin da mutane suka tafi da shi gaskiya ne ko rabin gaskiya? Duk layin da yake jiran "sai dai", "amma" ko "in ba" a layi na gaba ya fāɗi wannan gwaji.

Na fara gwada haɗe hukunci da sassauci a layi ɗaya. Bai yi ba, layin ya kai kalma ashirin da wani abu, kuma da muka gwada a rumfa tafinta ya riƙe kai ya saki wutsiya, wato dai sassaucin ne ya sake ɓacewa. Abin da ya yi aiki shi ne juya tsarin gaba ɗaya: a sanar da yawan maganganun tun farko, a sa mai daɗin a gaba, kuma kowane layi ya tsaya da ƙafarsa. Ga yadda Alhaji ya karanta ranar Asabar, kowane layi shi kaɗai, tafinta yana bi:

Magana biyu muka kawo muku yau. Ku ji duka biyun, sannan mu ji taku.
Ta farko a kan ruɓa ce.
In buhu ya ruɓe, mai saye ba za ta ɗauki asara ita kaɗai ba.
Mai kaya da mai saye za su buɗe buhun tare.
Mai kaya zai rage kuɗin abin da ya ruɓe.
Ta biyu a kan bashi ce, bashin albasa mai lafiya.
Wadda ta ɗauka ran Talata, ta biya ran Talata mai zuwa.
Wadda ba ta biya ba, sai ta biya kafin ta ɗauki sabon kaya.

Dokar ba ta canja ba ko da ƙwayar zarra. Amma da aka zo layi na uku na ga sarauniyar masu albasa, wadda su suke kira ohema, ta gyaɗa kai, kuma daga nan aka saurari sauran. Ku lura da "bashin albasa mai lafiya" a layi na shida, shi ne ya ɗauke aikin "sai dai" ɗin nan, ya sa iyakar dokar a gabanta maimakon a bayanta. Layin ƙarshe kuma na sauya shi daga "ba za a sake ba ta kaya ba" zuwa abin da za ta yi ta samu kaya. A Hausa irin wannan korewa tana da "ba" biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya, in mai karatu ya ja numfashi a tsakani tafinta yana iya farawa kafin ta biyun ta iso. A Tonanci kuwa korewar ɗan sautin hanci ne da ake liƙa wa aikatau, wanda hayaniyar kasuwa da tsohuwar lasifika suke cinyewa cikin sauƙi. In doka za ta iya fita ba korewa, haka nake fitar da ita yanzu.

Sauran gyaran daga bakin tafintan suka zo, shi ya sa nake ganin zaman gwaji da shi ba alfarma ba ne, aiki ne. Da ya ga "za a rage mata" sai ya ɗago kai ya ce, "Malam, wa zai rage? Ƙungiya ko mai kaya? In ba ka faɗa ba ni zan zaɓa, kuma gobe ni za a tare a hanya." Gaskiyarsa. Wannan "a" tamu mai ɓoye mai aiki tana da daɗi a bakin dattijo, amma a maganar kuɗi nauyi take ɗora wa tafinta. Haka ma "ya ba ta", "ta ba shi". Tonanci ba ya raba namiji da mace a wakilin suna, Hausarmu ta zango ma sau da yawa "ya" take wa kowa. Saboda haka na daina dogara da su, ina maimaita "mai kaya" da "mai saye" a kowane layi, ko da ya yi nauyi a ido.

Talata zuwa Talata ma shi ya kawo. Tonawa suna ƙirga mako kwana takwas saboda suna haɗawa da ranar da aka fara, mu muna cewa bakwai. In Alhaji ya ce kwana bakwai tafinta ya juya da lamba, wata za ta ɗauka Litinin ce, in ya juya da kalmarsu ta mako, ɗan uwanmu mai ɗan jin Tonanci zai ce an ƙara kwana. Sunan rana ba ya jawo gardama. Kuɗi kuma ya fi wannan haɗari. Tun 2007 aka sauya sidi, kuɗin Gana, tsohon 10,000 ya koma sabon 1, amma har yau a kasuwa za ka ji dattijuwa tana kiran sidi 100 miliyan ɗaya. Duk inda adadi ya shigo jawabi, layinsa daban nake ba shi, babu wata magana a tare da shi, a faɗi sabon kuɗi, a faɗi tsohon, sannan na rubuta wa tafinta lambar a 'yar takarda ya riƙe a hannu.

Lokaci shi ne inda har yanzu nake jayayya da kwamiti. In sun ba Alhaji minti goma, nasa bai wuce huɗu ba, domin tafinta zai ci kwatankwacin nasa ko fiye, ga gaisuwar Tonawa da ba a gajarta ta, ga shirun da ke tsakanin layi da layi. A ma'aunina wannan bai fi kalma ɗari huɗu ba. Suna ganin takardar su ce ta yi kaɗan, a ƙara tarihin ƙungiya. Ban ƙara ba. Karin magana ma guda ɗaya na bari, na kuma gaya wa tafinta ma'anarta tun da wuri don ya nemo tasu da ta dace, domin Tonawa mutanen karin magana ne, a fadarsu ma sarki ta bakin kakakinsa, wato ociyame, yake magana, kuma ana auna ociyamen da iya sarrafa ta. In ka jefa wa tafinta karin magana ba shiri, ko dai ya tsaya dogon bayani ko ya tsallake.

Abin da ya yi mini zafi shi ne kuɗin zaman gwajin. Yaron ya rufe shagonsa rabin yini, ba zan sallame shi da godiya ba, na ba shi sidi 150 daga aljihuna, na ƙara da buga takarda biyu da manyan baƙaƙe, ɗaya ta Alhaji ɗaya tasa. Da na kai lissafi aka ce mini ai tafinta ranar taro ake biyansa, gwaji ba ya cikin tsari. Har yanzu abin yana raina, domin wannan zaman ne ya fito da mai ragewa da Talata da tsohon kuɗi.

Akwai ɗaya da ban shawo kanta ba. Mutanenmu suna jin Alhaji tun kafin mata su ji, saboda haka da ya faɗi abu mai daɗi sai su ɗauki "Allah ya ƙara girma" da tafi, daidai lokacin da tafinta ya buɗe baki. Layin buɗe buhu tare ya kusa nutsewa a haka, sai da yaron ya maimaita shi. Na sa jan ɗigo a takardar tafinta a wuraren da nake zaton za a yi hayaniya don ya dakata ta lafa, amma in ya dakata Alhaji yana ɗauka ya gama, sai ya wuce layi na gaba. Na ce masa, "Baba Alhaji, kada ka ci gaba sai yaron nan ya waiwayo ya dube ka." Ya ce, "To ɗana, in na tuna." A taron watan gobe zan tsayar da su kafaɗa da kafaɗa da lasifika ɗaya tak, wanda take hannunsa shi ke magana, in ga ko miƙa ta hannu da hannu zai hana su hawa kan juna.