Gajeren bango ya gama aikinsa

Tambaya ta 11 ce a LeetCode, mai suna Container With Most Water. Za a ba ka jerin lambobi, kowace lamba tsayin wani bango ne a tsaye, taku ɗaya tsakanin kowane bango da na kusa da shi. Sai ka zaɓi biyu da za su fi riƙe ruwa a tsakaninsu. Ruwa kuwa ta gajeren bango yake malala, don haka abin da mazubin zai ɗauka shi ne tazarar da ke tsakani sau tsayin gajeren. Bangayen da ke tsakiya ba sa cin wuri, kamar babu su.

Da farko na bi hanyar da kowa ke bi, na gwada kowane bango da kowane. Amsa ta fito daidai a ƙananan misalai, amma jerin yana iya kai lambobi 100,000, wato gwaji kusan biliyan 5. Ina turawa aka dawo mini da Time Limit Exceeded.

Na san dabarar yatsu biyu: ɗaya a farkon jeri, ɗaya a ƙarshe, ana matsowa ciki. Abin da ban sani ba shi ne wanne za a matsar. Zuciyata ta ce in matsar da dogon, ban ma san dalili ba. Na gwada da misalin tambayar:

```python
h = [1, 8, 6, 2, 5, 4, 8, 3, 7]
```

Yatsan hagu yana kan 1, na dama yana kan 7, tazara 8, ruwa 8. Na matsar da na dama, ruwa ya koma 7, sai 6, sai 5, har ƙasa. Na tashi da 8, alhali amsar 49 ce. A nan ne abin ya faɗo mini. Muddin wannan bango mai tsayi 1 yana cikin mazubin, ko da wa na haɗa shi, ruwan ba zai wuce tsayi 1 ba. Kuma ga shi na riga na haɗa shi da bango mafi nisa da ya rage. Duk wani abokin da zan sake ba shi ya fi kusa, tazara ta ragu, tsayin ruwa kuma ko ya tsaya yadda yake ko ya ƙara faɗuwa. Ke nan mafi kyawun abin da zai iya bayarwa na riga na rubuta shi, in na jefar da shi ban yi asarar komai ba. Dogon kuwa ba zan iya yi masa wannan hukunci ba, don wataƙila akwai wani dogo a ciki da zai ɗaga ruwan in sun haɗu.

```python
l, r, best = 0, len(h) - 1, 0
while l < r:
    best = max(best, (r - l) * min(h[l], h[r]))
    if h[l] < h[r]:
        l += 1
    else:
        r -= 1
```

Da na jefar da 1, sai 8 ta haɗu da 7, tazara 7, ruwa 49. Na lissafa a takarda don in gamsu: bangaye 9 suna da haɗi 36. Matakin farko ya sallami 8 daga ciki da gwaji ɗaya tak, na biyu ya sallami 7, haka har zuwa 1. Jimilla 36 cif, babu wanda ya kuɓuce.

Sai kuma na yi kuskure na biyu, na son nuna wayo. Na ga bayan 49 ruwa ya faɗi zuwa 18, sai na ce ai da zarar ya fara raguwa a tsaya kawai. Jerin `[2, 1, 10, 10, 2]` ya kunyata ni. Ruwan yana tafiya 8, 6, 2, sannan 10 a matakin ƙarshe. Hujjar ba ta taɓa yin alkawarin cewa mataki na gaba zai fi na baya ba. Abin da ta ce kawai shi ne wanda aka jefar ba shi da sauran abin bayarwa. Dole a tafi har yatsun su haɗu.

Batun kunnen doki ya ɗan tsayar da ni, lokacin da yatsun suka sauka kan 8 da 8, tazara 5, ruwa 40. Na so in leƙa maƙwabtansu in ga wanne ya fi tsayi kafin in zaɓa, amma wahalar banza ce. Idan tsayinsu ɗaya, kowannensu gajere ne, hujjar ta hau kansu duka biyun: duk wanda ya zauna, ruwansa ba zai wuce tsayi 8 ba, tazara kuma ƙasa da 5. Ana iya matsar da kowanne, ko ma a matsar da su tare. Ni na bar `else` ɗin yana matsar da na dama, na sake turawa, ta wuce.